Launin samfurin glTF ya koɗe a shafin WebGL: ina kuskuren yake?

Mai_Kujera

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon waɗanda suka saba aiki da three.js. Na ƙera samfurin kujera mai jan yadi a Blender, na fitar da shi a matsayin `.glb`, sannan na ɗora shi a shafi da `GLTFLoader`. Saboda ina son mai ziyara ya iya sauya launin yadin, sai na bar hotunan yadin a waje, ina ɗauko su da `TextureLoader` ina ɗora wa kujerar bayan ta gama sauka. Siffar kujerar ta fito lafiya lau, katakon ƙafafunta ma, wanda hotonsa ke cikin fayil ɗin, ya fito da launinsa daidai. Yadin ne kawai ya koɗe, jan da na sani ya koma kamar wanda ya daɗe a rana. Ga abin da na rubuta:

```js
const tex = new THREE.TextureLoader().load('yadi-ja.jpg');
tex.flipY = false;
tex.encoding = THREE.sRGBEncoding;
yadi.material.map = tex;
```

Ina amfani da siga ta r165, kuma na kunna `ACESFilmicToneMapping`. Kwana biyu ke nan ina rage haske ina ƙarawa, amma abin da nake samu shi ne koɗaɗɗen launi mai duhu ko koɗaɗɗen launi mai haske.

Hasken_Allo

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, a ganina haske ne ya yi yawa. Idan ka sa `AmbientLight` mai ƙarfi, yana bi ko'ina daidai wa daida, ya shafe inuwa, sai komai ya fito fari-fari ba zurfi. Ka rage shi sosai ka bar `DirectionalLight` ya yi aikin.

Mai_Kujera

Na gode, Malam Hasken_Allo, amma na riga na gwada wannan har na cire `AmbientLight` ɗin gaba ɗaya. Kuma da haske ne matsalar, ai da katakon ma ya koɗe, tunda fitila ɗaya ce ke haska su duka.

Tsohon_Maƙeri

Wannan amsar da ka ba Hasken_Allo ita ce rabin maganin, domin ka riga ka nuna cewa bambancin yana tsakanin hoton da `GLTFLoader` ya ɗora da kansa da wanda kai ka ɗora da hannunka.

Lambobin da ke cikin hoton JPEG ko PNG na yau da kullum ba adadin haske ba ne kai tsaye. An lanƙwasa su da ƙa'idar sRGB don a ba wa ɓangaren duhu matakai masu yawa, saboda idon mutum ya fi gane bambanci a can. Shi ya sa lamba 128, wadda take tsakiyar 0 da 255, ba rabin haske take nufi ba, kusan kashi 22 cikin ɗari ne na hasken fari. Lissafin fitilu kuwa, wato ninka launi da haske da tara hasken fitila biyu, ba ya yin daidai sai a miƙaƙƙen ma'auni, inda ninki biyu na lamba yake nufin ninki biyu na haske. Saboda haka ƙofofi biyu ne ake bi: a wurin shiga a warware lanƙwasar hoton, a yi lissafi, a wurin fita kuma a mayar da lanƙwasar kafin a miƙa wa allo. Idan aka manta ƙofar shiga alhali ta fita tana aiki, hoton da dama a lanƙwashe yake sai a sake lanƙwasa shi, launi ya koɗe. Idan ta fita aka manta, komai sai ya yi duhu.

Kai ƙofar shiga ce ba ta aiki a wurinka, duk da cewa ka yi niyyar buɗe ta. A r152, cikin 2023, three.js ya maye gurbin `texture.encoding` da `texture.colorSpace`, ya kuma maye gurbin `outputEncoding` da `outputColorSpace`, daga baya aka cire tsofaffin sunayen. A sigar da kake kai, layinka na uku yana liƙa wa hoton wani suna ne da babu mai karanta shi, kuma JavaScript ba ya ƙin irin wannan. Ka sauya shi da wannan, kuma ka tabbata ka sa shi kafin a fara zana hoton:

```js
tex.colorSpace = THREE.SRGBColorSpace;
```

`TextureLoader` ba ya zato, yana barin kowane hoto a `NoColorSpace` domin bai san ko launi ne a ciki ko wani bayani ba. `GLTFLoader` kuwa ya sani, saboda ƙa'idar glTF 2.0 da Khronos ta fitar a 2017 ta fayyace wane hoto ne sRGB, shi ya sa katakonka ya fito daidai.

Baƙin_Alƙalami

Akwai hanyar da ta fi wannan sauƙi, kuma ni da ita na yi maganin irin wannan matsala a wani aiki. Maimakon ka riƙa bin hotuna ɗaya bayan ɗaya, sai ka rubuta `renderer.outputColorSpace = THREE.LinearSRGBColorSpace` sau ɗaya tak. Nan take launukana suka dawo yadda suke a cikin hotunan, ban sake taɓa komai ba.

Yar_Lissafi

Malam Baƙin_Alƙalami, gaskiya ne launinka ya dawo, amma ba don an gyara kuskuren ba, sai don ka ƙara na biyu wanda ya rufe na farko. Ba a warware a shiga ba, ba a lanƙwasa a fita ba, don haka 128 ta shiga ta fita tana 128. Wannan yana tafiya lafiya muddin babu lissafin haske a tsakani. Da zarar fitila ta shigo, abin ya karkace: farin bango da rabin haske ya sauka a kansa ya kamata allo ya nuna shi da 188, amma a tsarinka 128 zai fito, wanda a allo bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na hasken ba. Abin da ake gani shi ne inuwa mai zurfi fiye da kima, da gefen abu da ke faɗawa duhu da wuri.

A yanayin Mai_Kujera kuma shawarar za ta ɓata abin da yake daidai. Hoton katakonsa `GLTFLoader` yana warware shi, don haka idan aka rufe ƙofar fita, duk inda 128 take a katakon za ta fito a matsayin 55. Zai sami jan yadi mai kyau a kan ƙafafu masu kama da gawayi.

Tunda ana maganar lambobi, bari in nuna dalilin da ya sa kuskuren yake cin ƙarfin launi, ba haske kawai yake ƙarawa ba. A ɗauki ja mai lamba 200, 50, 50. Idan aka sake lanƙwasa shi ba tare da an warware ba, 200 tana hawa zuwa kusan 229, amma 50 tana tsalle har zuwa kusan 122. Ƙananan lambobi su suka fi tashi. Ja da ya ninka kore da shuɗi sau huɗu ya koma bai kai ninki biyu ba, kuma idan lambobin uku suka matso kusa da juna, launi yana karkata zuwa toka-toka. Wannan shi ne koɗewar da idonsa yake gani, kuma shi ya sa rage fitila ba ta yi masa magani ba.

Baƙin_Alƙalami

Na yarda da lissafinki, Malama. Aikin da nake magana a kai hoto ne na gini da aka riga aka gasa haskensa a cikin hotunan, babu fitila ko ɗaya a shafin, watakila shi ya sa ban ga illar ba. Har yanzu dai ina ganin a irin wannan yanayi hanyata ba ta da aibu.

Tsohon_Maƙeri

A yanayin da babu fitila sakamakon zai yi kusa ƙwarai, ban musa ba. Sai dai ko a nan akwai ɗan bambanci, domin idan abu ya yi nisa na'urar zane tana cakuɗa ɗigo-ɗigon hoton da ke maƙwabtaka, kuma cakuɗa baƙi da fari a lanƙwasasshen ma'auni yana ba da toka mai duhu fiye da yadda ya kamata. Abin da ya fi damuna shi ne ranar da wani zai ƙara samfuri ɗaya mai hotunansa a ciki, ko ya zaɓi launi da lambar `#`, sai su fito da duhu ba wanda ya san dalili. Ga samfurin da aka gasa haskensa, akwai `KHR_materials_unlit` a glTF, wanda ke cewa kada fitila ta taɓa shi, kuma ƙofofin biyu su ci gaba da aikinsu.

Mai_Kujera

Alhamdu lillahi, na sa `colorSpace` kamar yadda Malam Tsohon_Maƙeri ya ce, kuma jan ya dawo da ƙarfinsa sosai. Sai dai abubuwa biyu sun biyo baya. Na farko, don in huta sai na bi duk hotunan yadin na sa musu `SRGBColorSpace`, har da `normalMap` da `roughnessMap`, yanzu kuwa yadin yana sheƙi kamar leda, kuma hasken yana sauka a kansa a karkace kamar an juya fitilar. Na biyu, ko da jan ya dawo, idan na ajiye shi kusa da ainihin hoton har yanzu bai zama ɗaya da shi ba, musamman inda haske ya fi bugawa.

Yar_Lissafi

Na farkon a bayyane yake, ka mayar da waɗannan biyun yadda suke. Hotunan da ke ɗauke da launin da ido zai gani ne kaɗai sRGB, irin su `map` da `emissiveMap`, waɗanda a glTF ake kira `baseColorTexture` da `emissiveTexture`. Sauran lambobi ne da aka ajiye a cikin hoto kawai. A `normalMap`, wuri mai laushi ba tudu ba kwari ana rubuta shi da 128, 128, 255, kuma 128 a nan tana nufin sifili, ba karkata dama ba hagu. Da ka ce sRGB ne, an warware ta zuwa 0.216, wadda bayan an mayar da ita tsakanin -1 da 1 ta zama kusan -0.57, don haka duk fuskar yadin ta karkata gefe guda a idon fitila. Haka ma `roughnessMap`: kaushi matsakaici na 0.5 ya sauko zuwa kusan 0.22, shi ya sa yadin ya yi santsi yana sheƙi. Hoton `aoMap` da `metalnessMap` su ma a bar su a `NoColorSpace`.

Uwar_Zane

Game da abu na biyu, ɗan'uwa, ka ambata tun farko cewa ka kunna `ACESFilmicToneMapping`, kuma ina zargin shi ne ragowar. Aikinsa shi ne danne haske mai ƙarfi don kada ya ƙone, kuma yana yin haka ne ta hanyar tura launuka masu haske zuwa fari tare da ƙara wa hoton kaifi irin na fim. Ga fage mai rana da fitilu masu ƙarfi yana da kyau, amma ga kayan da ake so mutum ya ga launinsu na gaskiya yana sauya abin da ka zaɓa. Wannan ba kuskuren ma'aunin launi ba ne, zaɓi ne, amma a ido suna kama da juna, kuma na ga mutane da yawa sun gyara ɗaya suna tsammanin sun gyara ɗayan.

Khronos ta fitar da wani tsari a 2024 mai suna PBR Neutral don wannan buƙatar, kuma yana cikin sigar da kake kai da sunan `THREE.NeutralToneMapping`. Yana barin yawancin launuka yadda suke, sai can sama kusa da fari yake fara dannewa. Ka kuma lura da abin da kake kwatantawa da shi. Abin da Blender yake nuna maka ya bi ta `View Transform` ɗinsa, wanda a da `Filmic` ne, daga siga ta 4.0 kuma ya koma `AgX`, kuma wannan saitin ba ya shiga cikin fayil ɗin `.glb`. Idan kana son kwatanci na adalci, ka mayar da shi `Standard` kafin ka duba.

Sabon_Ɗalibi

Ku yi haƙuri in shigo da tawa, domin ta yi kama da wannan amma ta ƙi jin wannan magani. Ni duk hotunana suna cikin `.glb`, ban ɗora komai da hannu ba, kuma komai yana daidai har ranar da na ƙara `EffectComposer` don in sami ɗan walƙiya a gefen fitilu. Da farko komai ya yi duhu, sai na ƙara `GammaCorrectionShader` kamar yadda wani tsohon darasi ya nuna, ya gyaru. Daga baya na ga ana cewa a sa `OutputPass` a ƙarshe, na ƙara shi, yanzu kuma duk fagen ya koɗe, har da bango.

Tsohon_Maƙeri

Naka ɗin ƙofar fita ce aka bi sau biyu. Idan kana amfani da `EffectComposer`, ba a zana fagen kai tsaye a allo, ana zana shi a wani ma'aji na wucin gadi, kuma three.js yana barin sa a miƙaƙƙen ma'auni a can don matakan da ke biye su yi lissafi daidai. Shi ya sa ka ga duhu da farko: babu wanda ya mayar da lanƙwasar. `GammaCorrectionShader` yana yin wannan aikin, `OutputPass` ma yana yin sa tare da `toneMapping`. Ka cire na farkon, ka bar `OutputPass` shi kaɗai bayan matakin walƙiyar.

Alamar da ta raba matsalarka da ta Mai_Kujera ita ce abin da ka faɗa a ƙarshe, cewa har bango ya koɗe. Idan abu ɗaya ne ya koɗe sauran suna daidai, a duba ƙofar shiga ta wannan hoton. Idan komai ne ya koɗe baki ɗaya, a duba fita.

Yar_Lissafi

Ni kuma shawarata ga ku biyun ita ce ku daina dogaro da ido, domin ido yana sabawa da abin da ya daɗe yana kallo. Ku yi ƙaramin hoto mai launi ɗaya, toka mai lamba 128, ku ɗora shi ta hanyar da kuke ɗora sauran hotunanku, ku shimfiɗa shi a kan murabba'i da `MeshBasicMaterial`. Ku sa `toneMapped: false`, wanda kuma yake da `OutputPass` ya mayar da `renderer.toneMapping` zuwa `NoToneMapping` na ɗan lokaci. Sannan ku karanta ɗigo ɗaya da `gl.readPixels` nan take bayan an zana, a cikin aiki guda, domin idan aka jinkirta burauza tana iya share ma'ajin. Idan 128 ta dawo, shiga da fita sun dace da juna. Idan 188 ta dawo, lanƙwasa ta yi yawa da mataki ɗaya. Idan 55 ce, warwarewa ce ta yi yawa. Na fi son wannan a kan ɗaukar hoton allo, saboda a wasu na'urori hoton allon yana bi ta saitin launin allon kansa, lambobin su ɗan sauya.

Iyakar gwajin ita ce ba ya kama yanayin Baƙin_Alƙalami, inda ƙofofin biyu duk suke rufe, domin shi ma 128 zai bayar. Don wannan sai an duba `outputColorSpace` da ido.

Mai_Fitila

Na karanta duka, amma ni ba na amfani da three.js, WebGL 2 nake rubutawa kai tsaye kuma ni nake karanta glTF ɗin da kaina. Abin da nake yi shi ne `pow(c.rgb, vec3(2.2))` bayan na ɗauko launi daga hoton, sannan `1.0/2.2` a ƙarshe. Shin wannan ya wadatar, ko ina tafka wani kuskure da ban gani ba?

Tsohon_Maƙeri

Ya kusa, kuma yawancin mutane ba za su ga bambanci ba sai a wuri mai duhu sosai, domin ƙa'idar sRGB ta ainihi tana da ɗan miƙaƙƙen yanki a ƙasa, inda ake raba lamba da 12.92 idan ba ta wuce 0.04045 ba, sannan sama da nan a yi amfani da 2.4. Amma a shiga akwai hanyar da ta fi, wato ka bar na'urar zane ta yi aikin:

```js
gl.pixelStorei(gl.UNPACK_COLORSPACE_CONVERSION_WEBGL, gl.NONE);
gl.texImage2D(gl.TEXTURE_2D, 0, gl.SRGB8_ALPHA8,
              gl.RGBA, gl.UNSIGNED_BYTE, img);
```

Fa'idarsa ita ce warwarewar tana faruwa a wurin karanta hoton, don haka cakuɗa ɗigogi yana iya gudana a miƙaƙƙen ma'auni, alhali `pow` ɗinka yana zuwa ne bayan an riga an cakuɗa. Layin farko kuma yana hana burauza sauya lambobin bisa bayanin launi da ke liƙe a cikin hoton, wanda glTF ya ce a yi watsi da shi. Idan ka koma wannan hanya, ka tuna ka cire `pow` na shiga, in ba haka ba za ka warware sau biyu. Kada kuma ka warware `baseColorFactor` ko `COLOR_0`, domin glTF yana ajiye su a miƙe tun asali.

Mai_Fitila

Wannan na ƙarshen ya taɓa wani abu da ya daɗe yana damuna. Ina da samfurori da aka ɗauko da na'urar auna siffa, launinsu yana kan kusurwoyi ne a `COLOR_0`, kuma kullum a koɗe suke fitowa ko a wane shiri na buɗe su. Ina zargin shirin da ya juya su zuwa glTF ya kwashe lambobin sRGB ya zuba yadda suke ba tare da ya warware ba. Idan haka ne, kuskuren yana cikin fayil ɗin, kuma zan fi son in gyara shi a can maimakon in sa wa shafina dokar da za ta ɓata fayilolin da suke daidai.

Hasken_Allo

Wani abu da ya taɓa kama ni a WebGL tsantsa, wanda ba ruwansa da sRGB: `canvas` yana zuwa da `alpha` a kunne, don haka idan launin da ka fitar yana da `alpha` ƙasa da 1, farin shafin da ke baya yana ratsowa ya koɗar da komai. Ka sa wa shafin baƙin bango na ɗan lokaci, idan launin ya sauya to ka kama shi.

Mai_Kujera

Ga inda na kwana. Na mayar da `normalMap` da `roughnessMap` zuwa `NoColorSpace`, sheƙin ledar ya tafi. Gwajin Malama Yar_Lissafi ya ba ni 188 da tsohon layin, ya ba ni 128 da sabon, kuma `outputColorSpace` ban taɓa shi ba. Na kuma gwada `NeutralToneMapping`, jan yadin ya matso kusa da hotonsa ƙwarai, amma ƙarfen da ke hannun kujerar ya rasa ɗan armashin da yake da shi a ƙarƙashin ACES, kuma ban yanke shawarar wanda zan bari ba tukuna.

Uwar_Zane

Idan mai ziyara zai zaɓi yadi ne bisa launin da ya gani, ni da na bar `NeutralToneMapping`, in nemo wa ƙarfen armashi ta hanyar `scene.environment`, domin ƙarfe abin da ke kewaye da shi yake nunawa, kuma hoton kewaye mai tagogi masu haske zai ba shi walƙiyar da kake nema ba tare da an taɓa yadin ba.

Baƙin_Alƙalami

Ni a nan na saɓa da Malama Uwar_Zane. Allon kowa daban yake, kuma jan da ka daidaita a naka ba shi wani zai gani a wayarsa ba, don haka na fi son hoton da ya yi kyau gaba ɗayansa. Mai_Kujera, ka gwada rage `toneMappingExposure` kaɗan a ƙarƙashin ACES ka sake kwatanta wurin da haske ya fi bugawa, ka gaya mana lambobin da ka samu a yadin.